Aron Katin Kawu

A unguwarmu ta Ƙofar Guga aro ba abin kunya ba ne. Ana aron turmi, ana aron tsani, ana aron babbar tukunya in suna ya taso. Ka yi amfani da abu, ka wanke shi, ka mayar, ka yi godiya, magana ta ƙare. Da wannan tunanin Umma ta ari katin bankin Kawu a shekarar da nake ajin ƙarshe na sakandare. Har yau in na tuna abin da ya biyo baya sai in ji zuciyata na tafasa.

Mahaifina ya rasu tun ina firamare. Da keken ɗinki Umma ta riƙe mu, kuɗinta kuma a adashi take tara shi, ba ta taɓa buɗe asusu a banki ba. Kawu yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da shagon kayan gyaran babur, gidansa kuma yana Ƙofar Sauri. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo ta gidanmu, ya jingine babur a zaure, ya zauna a kan tabarma kusa da keken Umma, su yi ta hira suna tsokanar juna. Yakan ce a zamanin soja a cikin wando yake ɗinke kuɗi in zai je Kano saro kaya, amma ga shi yanzu farar hula sun kawo waya, sun kawo kati, ɗan roba ya maye gurbin jaka. Yana alfahari da katin nan. In ya fito da shi sai ya goge shi da gefen rigarsa kafin ya mayar.

Lissafi ne yake ba ni wahala, kuma ni ba mai iya ɗaga hannu a aji ba ce. In malami ya tambaya ko an gane, sai in gyaɗa kai tare da kowa. Wata rana wani mutum mai jan taye ya zo makarantarmu da takardun talla. Kamfaninsu, in ji shi, yana koyar da darussan jarrabawa ta waya, kana iya mayar da malami baya sau goma ba zai gaji ba. Ya ce suna da ma'aikata masu jin Hausa, duk mai matsala ya aika saƙo kawai. A takardar an rubuta kuɗin wata ɗaya da manyan jajayen lambobi. Ya kai ladan ɗinkin atamfa uku.

Umma ta ce za ta biya min wata ɗaya, watan da ke gab da jarrabawa. Sai dai kamfanin ba ya karɓar kuɗi a hannu, sai da kati. Ranar Juma'a ta gaya wa Kawu. Ya yi dariya, ya ce ai ɗiyarsa ce, ya karɓi wayar Umma ya shigar da lambobin katinsa a manhajar kamfanin yana karantawa a hankali. Banki ya turo wata lamba a wayarsa, ya shigar da ita. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa da ƙananan rubutu a gefensa, wanda sai an danna shi ake wucewa. Ya danna. Babu wanda ya karanta a cikinmu. Umma ta miƙa masa kuɗinsa, ya ƙi, ta nace, ya karɓa. Kati ya koma aljihu. A ganinmu an yi aro an mayar.

Na yi jarrabawa na gama. Wata na zagayowa Kawu ya zo, bayan gaisuwa ya nuna wa Umma alat a wayarsa, yana murmushi. Kamfanin ya sake cirar kuɗi. Ya tambaye ni cikin wasa ko na koma ajin baya ne. Umma ta ji kunya ƙwarai. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kuɗin ta ba shi, ta ce yau ɗin nan za a kashe abin.

Sai a ranar na karanta ƙananan rubutun. An ce biyan yana sabunta kansa duk wata har sai mutum ya soke. Na nemi wurin sokewa a manhajar, na same shi can a ɓoye ƙarƙashin wasu shafuka. Na danna, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, ta gaji, ta mayar da ni shafin farko. Na sake, haka. Umma ta ce in goge manhajar gaba ɗaya daga wayar, in babu ita ai babu abin da zai ja kuɗi. Na goge. Don ƙarin tabbaci muka sayi katin waya muka kira lambar da ke jikin takardar talla. Muka saurari kiɗa har kuɗinmu ya kusa ƙarewa, sannan wata mata ta ɗauka da Turanci mai gudu. Umma ta tura min wayar. Na faɗi abin da muke so. Matar ta ce babu damuwa, za a soke. Umma ta karɓi wayar ta yi mata godiya da Hausa, ta sa mata albarka, ta gaishe da iyayenta. Ba na jin matar tana kan layin a lokacin.

Da yamma Umma ta kira Kawu ta ce masa an gama.

Wata na gaba suka sake cira. Wannan karon Kawu bai nuna alat da murmushi ba, sai da zai tashi ya faɗa, yana neman makullin babur. Umma ta sake biyansa. Ta tuna maganar mai jan taye, ta ce in nemo mata lambar masu jin Hausa. A waya Umma ba ta rubutu, saƙon murya take yi, kamar yadda take yi da masu kawo mata ɗinki. Ta kashe keke, ta gyara zama, ta yi sallama, ta tambayi gajiya da aiki da iyali, sannan ta yi bayani dalla-dalla. Na tsaya a bayanta ina kallon fuskar wayar. Alamar nan guda biyu da ke gefen saƙon ta koma shuɗiya, wato an buɗe. Muka jira amsa. Ba ta zo ba. Bayan kwanaki ta sake aikawa, aka sake buɗewa, shiru. Muka sake kira, wani namiji ya ɗauka, ya ce ya ga ƙorafinmu, an riga an miƙa shi ga masu kula da shi, mu kwantar da hankali. Muna ajiye wayar saƙo ya shigo, wai mun gode da kuka tuntuɓe mu, ku ba mu maki daga ɗaya zuwa biyar. Umma ta tambaye ni abin da aka ce, na fassara mata. Ta yi tsaki.

Duk da haka ta sake gaya wa Kawu an gama, domin mutum biyu sun faɗa mata da bakinsu. Kawu ya ce da ma yana tunanin zuwa banki a toshe katin, amma da shi yake sayen kaya, sabo kuma sai an bi layi an jira. Tunda ta ce an gama, ya bari.

Suka cira na huɗu. Umma ta aike ni Ƙofar Sauri da kuɗin, Kawu ya dawo da ni da shi. Ya ce in gaya mata ta bar shi. Bai kira ni ɗiyarsa ba, bai tambaye ni sakamakon jarrabawa ba. Da suka cira na biyar, bai gaya mana ba ma. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, babu ƙarar babur a zaure. Umma takan shimfiɗa tabarmar, ta naɗe ta bayan la'asar.

Ashe banki ya je shi kaɗai. Ya ce musu ana yi masa sata, bai san wannan cirar ta ƙarshe ba. Suka toshe katin, suka ce za su bincika. Bayan makonni suka ba shi amsa, da ita kuma ya zo gidanmu wata ranar Talata. Bai zauna ba. Ya ce banki ya ce ba sata ba ce, da lambar da aka tura wayarsa aka yi rajista tun farko. Kamfanin kuma ya ce rajistar tana nan da sunana, kuma babu wanda ya taɓa neman a soke ta.

"Babu wanda ya taɓa nema," ya maimaita, yana kallon Umma. "In yarinya na son ta ci gaba da karatunta, mi zai hana ki gaya mani? Ni ne zan hana?"

Umma ta ce, "Yaya, sau biyu na ce maka an gama."

"Shi ne ai."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya fita. Umma tana da wayar a hannu, saƙonninta suna ciki, tana iya kiransa ta kunna masa. Ba ta yi ba. Da na ce mata me ya sa, sai ta ce ita ba za ta kafa wa ɗan uwanta shaida ba kamar a gaban alƙali. In maganarta ba ta ishe shi ba, ya riƙe ta kamfani.

Abin da ya fi ƙona min rai ya fara ne bayan an toshe katin. Kamfanin da ya kasa amsa saƙo ɗaya sai ga shi ya iya rubutu. Kusan kullum saƙo yana shigowa wayar Umma: biyanku bai shiga ba, ku sabunta katinku don kada karatu ya tsaya. Da sunana a sama, da gaisuwa mai daɗi. Ashe sun san lambarmu, sun san hanyar gidanmu, amma sai in kuɗi za su karɓa. Ni ce mai fassara mata, har na daina fassarawa, in ta tambaya in ce su ne.

Saƙonnin nan ne suka tayar da Umma. Wata safiya ta sa babban hijabinta ta ce in raka ta bankin Kawu. Ba ta taɓa shiga banki ba. Ƙofar bankin mai kama da keji ta ƙi buɗe mata saboda almakashin da ke jakarta, sai da muka bar shi wurin mai gadi. A ciki sanyi ya yi yawa, an ɗaure biro da zare a jikin tebur. Aka nuna mana wata ma'aikaciya mai jan lalle a yatsu, wadda ke karɓar ƙorafi. Ta kira Umma Hajiya, ko da yake Umma ba ta je Makka ba tukuna.

Da ta ji asusun ba namu ba ne, ta ce ba za ta iya buɗe shi ko ta yi mana maganarsa ba, sai mai shi. Umma ta fara tattara hijabi za ta tashi. Matar ta ce ta zauna, asusu ne ba za ta taɓa ba, amma babu abin da ya hana ta gaya mana yadda ake irin wannan ƙorafi. Ta ce akwai bambanci tsakanin a ce ban san wannan cirar ba, da a ce na yarda da farko, na soke, suka ci gaba. In aka shigar da shi da sunan sata, abin da za a duba kawai shi ne ko mai katin ne ya yi rajista, kuma in shi ya yi, an rufe magana. In aka shigar da shi da sunan sokewa, to kamfani ne zai yi bayani. Amma sai an nuna cewa an soke ɗin, da ranar da aka yi.

Ta tambayi Umma ko da muka kira sun ba mu lambar ƙorafi, ko sun turo wani abu a rubuce cewa sun soke.

Umma ta ce, "Mutum ya ce maki ya yi abu, sai ki ce mashi ya rubuta? Ai kin ce mashi maƙaryaci ke nan."

"Hajiya, ai kin ga maƙaryacin ne," in ji matar.

Umma ba ta yi dariya ba, amma ta miƙa mata wayar. Matar ta duba saƙonnin muryar, ta ce ranaku suna nan, alamar an buɗe tana nan, wannan yana da amfani. Sai dai in aka buga hotonsu a takarda, ɗan layi kawai za a gani da tsawon mintuna, babu wanda zai san abin da aka ce. Masu yanke hukuncin kuma ba a Katsina suke ba, ba lallai su ji Hausa ba. Ta ce in rubuta duk abin da aka faɗa a kowane saƙo, da ranarsa, in mayar da shi Turanci, kada kuma mu goge muryar don za a haɗa da ita. Ta ce mu ɗauki hoton fuskar wayar a duk inda rana da lokaci suka fito, har jerin kiran da muka yi. Muka duba jerin, kiran farko ya riga ya ɓace, wayar ba ta ajiye tsofaffi. Amma a cikin saƙonni ta tarar da irin na neman makin nan har biyu, ɗaya na ranar kiran farko da ban ma lura da shigowarsa ba. Ta ce waɗannan su da kansu suka aiko, ba za su iya cewa ba a tuntuɓe su ba. Umma ta ce da ma saura kaɗan ta share su, wayar ta cika da hotunan samfurin ɗinki.

Ta ƙara da cewa mu mayar da manhajar, mu sake danna wurin sokewa mu ɗauki hoto, domin goge manhaja ba ya soke komai. Mu ɗauki hoton ƙananan rubutun nan. Mu aika wa kamfanin imel a rubuce, mu faɗi ranakun da muka nema a baya, mu nemi a mayar da kuɗin, mu ajiye kwafi. Sannan mai katin ya zo da kansa ya sa hannu, kuma kada a ɓata lokaci, don irin wannan ƙorafi yana da wa'adi, watanni kaɗan ne daga ranar da aka cire kuɗin. In ya wuce, ko takardu sun kai buhu ba za a karɓa ba.

A gida na zauna da littafi ina kunna saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi Umma ko in tsallake gaisuwar, ta ce kada in tsallake ko kalma, su ga yadda ta mutunta su. A saƙon farko gaisuwar ta fi bayanin tsawo. A na biyu ta ragu. Akwai wasu da ban san ta aika ba, ta yi su ne ina islamiyya. A cikinsu babu gaisuwa sai sallama, ana jin ƙarar awakin maƙwabta a baya, muryarta kuma ta yi ƙasa. Tana ce wa mutanen da ba ta taɓa gani ba don Allah su rufa mata asiri, katin ba nata ba ne, na yayanta ne, kada su haɗa ta da ɗan uwanta. Uwata, wadda ba ta roƙon kowa ko gishiri sai dai ta ara ta mayar. Gefen kowane saƙo alamar ta yi shuɗi. Wani ya zauna a wani ofis ya buɗe wannan, ya wuce na gaba. Na rubuta, na fassara, biro na huda takardar.

Wurin sokewar ya sake yin juyinsa ya mayar da ni baya, na ɗauki hoto. Imel ɗin da muka aika daga shagon kwamfuta ya samu amsa nan take, irin wadda na'ura ke bayarwa, da lambar ƙorafi a ciki. Daga nan shiru. Muka buga komai, muka sa a ambulan mai ruwan ƙasa.

Saura Kawu. Umma ba ta taɓa zuwa shagonsa ba, wuri ne na maza da baƙin mai. Ranar ta hau Keke Napep da ni muka je. Yaransa suka miƙe suna gaishe ta. Kawu ya fito daga bayan kanta yana goge hannu. Suka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar ruwa da kasuwa, babu mai kallon wani. Ta gaya masa abin da ya kawo ta, ta ɗora ambulan a kan kanta. Bai taɓa shi ba. Ya ce shi ya gaji da banki, an toshe kati, an ba shi sabo, magana ta wuce.

"Kuɗin kuma na yafe," in ji shi. "Duniya da lahira."

Na ga hannun Umma ya damƙe gefen hijabinta.

"Wa ka yafe wa, Yaya?"

"Ke dai na ce na yafe."

"Ba ka da abin da za ka yafe mani, don ban ci ba. In ɓarayi za ka yafe wa, wanga tsakaninka da su ne. Ni hannunka nake so a takarda."

Ya ce yau yana da aiki. Ta ce za ta jira. Ta zauna a kan bencin da masu kawo gyara ke zama, ni kuma na raɓe a gefenta ina kallon wata ƙusa da ta maƙale a ƙasa. Duk wanda ya shigo sai ya gaishe ta ya dubi Kawu. Ba a yi azahar ba ya ɗauki hularsa.

A banki matar mai lalle ta fito da fom. Kawu ya fara da cewa an yi masa sata, ta tare shi da ladabi, ta ce Alhaji wannan kalmar ce ta rufe ƙorafin farko. Ta sa ya rubuta cewa shi ya ba da izinin biyan farko, an nemi sokewa a rana kaza, kamfani ya ci gaba da cira. Ta buga takardar shige da ficen asusunsa, ta ja layi a ƙarƙashin kowace cira, ta jera su da ranakun saƙonninmu. Ta faɗa mana gaskiya tun a nan. Ta biyun ba za ta dawo ba, domin an cire ta kafin mu nemi sokewa, ƙananan rubutun kuma suna bayansu. Ta ƙarshe an riga an rufe ta da sunan sata, za ta haɗa ta a ciki amma kada mu sa rai. Biyu na tsakiya su ne ake da hujja a kansu. Kamfanin zai samu damar kare kansa, abin zai ɗauki makonni.

Kafin ta haɗa muryar, ta ce bari ta gwada ɗaya da abin da na rubuta. Wanda hannunta ya faɗa a kai na roƙon ne. Ta rage ƙarar, amma teburin ƙarami ne. Muryar Umma ta fito, da awakin a baya. Umma ta juyar da kai tana kallon bango. Kawu ya kafa wa takalminsa ido har saƙon ya ƙare. Na ɗauka zai yi magana. Ya sa hannu, matar ta buga hatimi a kwafi ta rubuta lambar ƙorafi a sama, ta ce a adana shi, da shi za a bi sawu in an ji shiru. Da muka fito bakin titi, abin da Kawu ya ce shi ne, to, mu jira mu ga abin da za su ce.

A Keke Napep har Ƙofar Guga maganar nan tasa nake juyawa. Kawu ya ji roƙon Umma da kunnensa, amma sai ya jira abin da banki zai ce.

Muka jira. Sakamakona ya fito, na ci lissafi da ƙyar, ban ji daɗin da ya kamata in ji ba. Sau ɗaya muka koma banki da kwafin mai hatimi, aka ce ana kan aiki. Sai wata rana da hantsi muka ji babur a zaure. Kawu ya shigo da sallama mai ƙarfi, waya a hannu, fuska a sake. Biyu na tsakiyar sun dawo, kamfanin ya kasa kawo abin da zai kare kansa. Ya zage su tas, ya ce ɓarayi ne masu taye, ya ce shi da ma tun farko bai yarda da su ba. Ya zaro kuɗin watan da Umma ta biya shi ya ajiye a kan keken. Ya dube ni ya ce ɗiyata ta iya Turanci. Sannan ya juya wurin Umma yana dariya.

"Ashe da gaskiyarki."

Umma ta cire ƙafa daga kan keken. Ta ɗauki kuɗin ta sa a aljihun tebur, don nata ne.

"Wa ya gaya maka?" ta tambaye shi.

"Ga alat nan, banki ya turo."

"To, madalla da banki."

Ya ci gaba da dariyar na ɗan lokaci shi kaɗai, sannan ta mutu a bakinsa. Ya tsaya yana juya wayar a hannu. Ya ce haba, ai kowa na iya kuskure. Ta ce haka ne. Ya ce ita ma da ita ce aka kai wa takarda daga banki ai da ta yi shakka. Ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko tun ranar Talatar nan.

"Da na yi shakkar takardar," in ji ta.

Ta ce in kawo wa Kawuna ruwa. Na kawo, ya sha a tsaye. Ta tambaye shi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, ya amsa. Ta ce ya gaishe su. Ta gyara atamfar da ke ƙarƙashin allura, ta mayar da ƙafa kan keken.